Mai Wankin Rubutu

Shafi na 19

Masu aiko min da saƙo tun safe suna cewa na maƙale Yaya a ofis, to ga ta nan, ku sake min wuya haka nan.

*

Karo na huɗu ke nan Yaya tana karanta layin, kuma bai canja ba.

"Kai ne agogon da ban taɓa buɗewa ba, don ban taɓa ganin ka yi latti ba."

Shafi na ɗari da arba'in da biyu na littafin Injiniya, inda yake ba da labarin maganar ƙarshe da mahaifinsa ya yi masa. Injiniya dattijo ne da ya yi shekara arba'in yana gina gadoji, ya ajiye aiki, ya kawo tarihin rayuwarsa kamfanin ɗab'in da Yaya take aikin edita. Ƙarfe huɗu na yamma za a tura littafin maɗaba'a, abin da ya rage kawai ta sa hannu.

Ta jawo jakarta, ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa a tsakiya. Wasiƙar Babansu ce, wadda ya bar mata shekara biyu da suka wuce. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi lokacin tana can wani gari wajen kwas, kuma sun rabu ne ba a jituwa. Kafin ta iso an binne shi. Ƙanwarta Auta ce ta miƙa mata takardar, ta ce shi ya yi ta faɗa, ita tana bugawa.

Ta ajiye wasiƙar kusa da shafin.

"Ke ce agogon da ban taɓa buɗewa ba, don ban taɓa ganin kin yi latti ba."

Babansu mai gyaran agogo ne. Mahaifin Injiniya kuwa, a babi na biyu, direban babbar mota ne, kuma har aka kai babi na goma ba a ga ko zoben azurfa a hannunsa ba, balle agogo.

"Jan Biro, ki sa hannu mana, ni ma in huta."

Dogo ne, mai tsara shafuka, ya leƙo da kansa ta saman katangar katakon da ta raba teburansu. Duk ofishin Jan Biro suke ce mata, don an ce ko takardar gayyata ka miƙa mata sai ta dawo maka da ita da gyara.

Ta kife wasiƙar da sauri. "Dogo, ka sa littafin nan a Ɗan Sanda?"

Ɗan Sanda shi ne sunan da suka laƙaba wa manhajar da Manaja ya sayo, wadda aka ce tana gane rubutun da na'ura ta yi.

"Na sa. Kashi shida cikin ɗari. Tsaf yake."

"Na Malama nawa ya ba ta?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ba wanda ya manta Malama a ofishin nan, tsohuwar malamar firamare da ta kawo littafin yara a bara. Ɗan Sanda ya ce kashi tamanin da ɗaya na na'ura ne. Kashegari baiwar Allah ta dawo da littattafan rubutu guda bakwai a cikin leda, duk da hannunta, tana kuka. Laifinta ɗaya, tana rubutu a miƙe, gajerun jimloli masu tsabta irin na wadda ta yi shekara talatin tana koyar da yara. Ita manhajar ba ganin wanda ya riƙe biro take yi ba. Dubawa kawai take yi ko kowace kalma ita ce wadda ake zaton za ta biyo baya, kuma ko jimlolin tsayinsu ɗaya. In ka iya rubutu a daidaice ta kama ka, in ka hargitsa shi da gangan ta sara maka ka wuce.

"To ke me kika gani?" in ji Dogo.

"Zo ka gani."

Ta buɗe babi na tara. "Ya ce rahoton binciken tsagewar gada, ga sunan rahoton, ga shekara, har lambar shafi. Na kira ɗakin karatu biyu. Babu rahoto mai wannan suna. Ba a taɓa yin sa ba."

"Tsufa ne. Ya manta."

"Mai mantuwa yakan rasa lambar shafi ne, ba ya ƙirƙiro ta. Na'ura ce ke yin haka, in ba ta sani ba sai ta haɗa abin da ya yi kama da gaskiya, ko kunya babu."

Ta buɗe tarihin fayil ɗin, wanda ɗan Injiniya ya aiko musu da kansa a matsayin shaida. Lallai an buga shi harafi bayan harafi, cikin sati shida, ba a liƙa komai daga waje ba. Sai dai mai bugawar bai taɓa komawa baya ya goge sakin layi ba. Bai taɓa ɗauko wata jimla daga ƙasa ya kai sama ba. Kullum minti arba'in, gudu ɗaya, sai a tashi.

"Ka taɓa ganin mutumin da ya rubuta mutuwar ubansa bai tsaya ko sau ɗaya ba?"

Dogo ya matso kusa da kwamfutar.

"Wannan ba tunani yake yi ba, kwafa yake yi. Sannan dubi kurakuran. Ɗaya a duk shafi biyu, kamar magani. Kuma duk iri ɗaya, harafin da ke maƙwabtaka a madannai. Kuskuren mutum yana taruwa ne inda ya gaji, ba ya bin layi."

"To wa kike zargi? Tsohon?"

Yaya ta rufe fayil ɗin. Ta riga ta duba bayanan da ke manne da fayil ɗin tun ɗazu, inda ake ganin sunan kwamfutar da aka fara ajiye shi. Sunan shagon ƙanwarta ne, da lamba uku a gaba.

Fom ɗin kamfani yana nan a gefen hannunta. Akwati uku ne a jiki. Na farko, marubuci bai yi amfani da na'ura mai rubutu ba sam. Na biyu, ya yi amfani da ita wajen gyaran kuskure ko mayar da murya rubutu, wannan kamfani kawai za a gaya wa. Na uku, na'ura ta rubuta wani sashe na littafin, wannan dole a faɗa wa mai karatu a shafin farko. Injiniya ya yi maki a na farko. A ƙasa akwai layin edita, wanda ke cewa a iya saninta maganar nan gaskiya ce.

Manaja ya wuce da kofin shayi a hannu, bai ko tsaya ba. "Ƙarfe huɗu fa, Jan Biro. An riga an raba katin ƙaddamarwa."

"Zan fita in dawo, yallaɓai."

"Da fom ɗin?"

"Da shi."

*

Shagon Auta yana bakin ƙofar kwaleji, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai gyaran waya. A allo an rubuta buga takardu, kwafi, ɗaurin littafi. Aikin da ya fi kawo mutane ba a rubuta shi ba, ɗalibai ne suka sa masa suna wanki.

Yaya ta yi sallama. Fanka na kaɗa takardu, firinta na tari a lungu. Auta na zaune gaban kwamfuta ta uku, wata ɗaliba mai jan ido a kusa da ita.

"A'a, Yaya! Yau kuma hanya ta ɓata miki?"

"Ki gama, ina jira."

Ta zauna a benci ta harɗe hannu. Auta ta kalle ta ta gefen ido, ta sha jinin jikinta, amma ta juya ga ɗalibar.

"Kin ce kashi nawa ya nuna?"

"Saba'in da huɗu. Wallahi Anti ni na rubuta, sati uku ina kansa. Malamin ya ce in bai sauko ƙasa da ashirin ba kada in kawo masa."

"To bari ki gani. Wannan jimlar mu karya ta biyu. Wannan mu haɗe ta da ta ƙasa ta yi tsawo. Duk inda kika jera abu uku, mu cire ɗaya. 'Bugu da ƙari' ɗin nan guda nawa ne?"

"Shi ya koya mana ita."

"To yau ita za ta kai ki gaban kwamiti."

Yaya ta kasa haƙuri. "Ke, kina da takardun da kika fara rubutawa?"

Ɗalibar ta waiwayo. "Suna gida, Anti. Da littattafan da na ja wa layi."

"Ki kwashe su ki kai masa. Ki ce ya yi miki tambaya a kan kowane shafi, baki da baki. Lambar nan ba hujja ba ce, zato ne. In kika bari aka wanke miki, kin zubar da shaidarki da hannunki, don gobe in ya tambaye ki me ya sa kika rubuta kaza, ba ke kika rubuta ba."

"In ya ƙi saurarona fa?"

Tambayar ta ƙona wa Yaya rai.

Auta ta yi wata 'yar dariya. "Kin gani ko? Je ki gwada shawarar Yayata. In bai yiwu ba, ƙofata a buɗe take."

Yarinyar na fita Yaya ta tashi ta tura ƙofar ta murza makulli.

"Lafiya? Yaya, lokacin ciniki ne fa."

Yaya ta buɗe jakarta. Ta ajiye shafi na ɗari da arba'in da biyu a kan madannai.

Auta ta kalli takardar. Idonta ya tsaya a tsakiyar shafin, ya daɗe a wurin.

"Mene ne wannan?"

"Ni za ki raina wa hankali? Ni na koya miki karatu."

"Littattafai nawa ke wucewa ta shagon nan, ni bugawa kawai..."

"Auta."

"Na'am."

"Sunan kwamfutar nan da kike zaune a kai yana jikin fayil ɗin."

Auta ta yi ƙwafa, ta jingina da kujera. "Na ce masa ya sake ajiye shi da wani suna. Ɗan nasa ba ya jin magana."

"Wato ke ce."

"Ni ce. Sai me?"

"Sai me kika ce?"

"E, sai me? Ban san kamfaninku zai kai ba, da ban karɓa ba. Amma Yaya, tsohon nan ba ƙarya ya yi ba. Awa shida na muryarsa ɗansa ya kawo min. Shi ya gina gadojin, shi ya sha rana. Hannunsa ke rawa, ba ya iya riƙe biro."

"Awa shida ba ta cika shafi ɗari uku."

"Ta ba da saba'in. Ɗan ya ce littafi mai saba'in ba ya tsayawa a kanta, kunya zai ji ranar ƙaddamarwa. Sai muka ba na'ura ta faɗaɗa."

"Ta faɗaɗa da me? Da rahoton da babu shi a duniya?"

Auta ta ɗan daburce. "Wanne?"

"Babi na tara. Kin duba ko guda ɗaya daga cikin abin da ta ambata?"

"Ba aikina ba ne dubawa. Aikina ya karantu kamar mutum."

"Ta yaya kike yi? Ina so in ji daga bakinki."

Auta ta ɗaga kai. Duk da halin da ake ciki, sai ga wannan ɗagawar hanci da take yi tun tana ƙarama in ta iya abin da Yaya ba ta iya ba.

"Abin da na'ura ke fitarwa sumul yake, kamar an goge shi da dutsen guga. Kowane sakin layi sai ya ƙare da wa'azi. To sai in yanke wa'azin. In karya tsayin jimloli. In sa a manhaja in ga lamba, in sake taɓawa, in sake sawa, har ta sauko. Sannan in buga shi daga farko da hannu don tarihin fayil ya nuna mutum ya zauna. Wannan duk na ruɗin manhaja ne, kowa ya iya. Ruɗin mai karatu shi ne aiki."

"Ina ji."

"Na'ura za ta ce miki mahaifina mutum ne mai haƙuri da jajircewa. Wa zai yi kuka a kan wannan? Sai an sa masa nama. Wani ƙaramin abu wanda sai wanda ya zauna a gidan ne zai sani."

"Naman kuma daga gidanmu kike yankowa."

Auta ta kawar da kai.

"Babi na huɗu," in ji Yaya. "Uwarsa tana ƙulle makullin ɗaki a bakin zaninta har ya huda shi. Tun jiya nake cewa ina na san wannan. Mama ce."

"Uwaye da yawa suna haka."

"Babi na bakwai. Ƙanensa ya haɗiye maɓallin riga aka kwana ana jira."

"Wannan ai nawa ne. Ni na haɗiye, ina da ikon kyautar da shi."

Da wata rana ce da Yaya ta yi dariya. Yau ko murmushi bai zo ba.

"Littattafai nawa kika zuba mu a ciki?"

"Ban ƙirga ba."

"Innalillahi."

"Haba Yaya, kada ki mayar da ni ɓarauniya. Ke fa? Littafin da kuka fitar bara na ɗan kasuwan nan, da bakinki kika ce min rabinsa ke kika sake rubutawa. An sa sunanki a bango? Manya tun fil azal wasu ke rubuta musu."

"Na sake masa jimla, ban sake masa uba ba. Kowane gyara na aika masa da jan biro ya gani, ya ce e ko a'a. Kuma an gode wa edita a bayan littafi, ba wanda aka ɓoye. Da Injiniya ya yi maki a akwati na uku, ya ce na faɗa da bakina, na'ura ta taya ni tsarawa, wallahi da mun buga. Za a cire abin da bai faru ba, a buga saba'in ɗinsa da mutunci."

"Wa zai sayi littafin da aka ce na'ura ta taɓa?"

"To kin ga ke ma kin san me ya sa ake ɓoyewa. Don in an faɗa mai saye zai canja shawara. Wasiƙun neman aikin da kike tsara wa mutane ban taɓa yi miki magana a kansu ba, mai ɗaukar aiki zai ga mutumin ya gwada shi. Amma wanda ya sayi tarihin rayuwa, magana ɗaya ya saya, 'na gani.'"

Auta ta shiga murza gefen mayafinta.

"Shi tsohon ya karanta?" in ji Yaya.

"Ɗansa ya karanta masa wasu wurare."

"Wannan shafin fa?"

"An ce da aka karanta masa ya yi kuka. Ya ce bai tuna Babansa ya faɗi haka ba, amma tun da yana cikin littafi, ƙila ya faɗa a faifan ya manta."

Dattijo ɗan shekara saba'in da biyar, an dasa masa maganar uban wani a ka, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Shi ya yi makin nan a fom, kuma wataƙila da zuciya ɗaya ya yi shi.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Manaja. Ta kife ta a kan tebur.

"Me za ki yi?" in ji Auta a hankali. "In kika kai maganar nan, kwaleji za ta ji. Rabin masu shigowa nan ɗalibansu ne. Za su rufe min shago, Yaya."

"In kuma na sa hannu, ranar da wani injiniya ya nemi rahoton nan ya rasa, sunana ne a ƙasan fom. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne ba."

"To ki cire rahoton. Ki cire shafin nan. Sauran ki rufe ido. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kullum ke. Kullum ke ce mai tsabta."

"Ba tsabta ba ce ta kawo ni!" Yaya ta buga tebur, har biro ya gangara ƙasa. Ta zaro wasiƙar, ta shimfiɗa ta a kan shafin. "Makullin Mama na yafe. Maɓallinki ki yi ta rabawa. Amma wannan? Abu ɗaya Baba ya bar min. Ban same shi da rai ba, ban nemi gafararsa ba, wannan takardar ce kawai ta sa nake iya barci. Kika ɗauki maganarsa ta ƙarshe kika manna a bakin direban mota?"

Auta ta zuba wa wasiƙar ido. Ba ta taɓa ta ba.

"Har yanzu yawo kike yi da ita?"

"Amsa za ki ba ni."

"Yaya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Ki ce min me ya sa kika saci maganar Baba."

"Ban sata ba."

"Ga ta nan, kalma da kalma!"

"Na ce ban saci maganar Baba ba." Muryar Auta ta yi ƙasa har sai da Yaya ta matso. "Ban ma tuna daga ina layin ya zo min ba lokacin da nake aikin Injiniya. Ina neman abin da zai sa a yi kuka, sai ya faɗo. Na ɗauka nawa ne. Don dama..."

Ta haɗiye sauran.

Firinta ta gama aikinta ta yi tsit. Sai ƙarar fanka.

"Don dama me?"

"Yaya, ke ba ki gan shi ba. Bakinsa ya karkace. Kalma ɗaya sai ya yi minti yana kokawa da ita. Ke da kike gane rubutun na'ura daga nesa, ba ki taɓa tambayar kanki yadda mutumin da ba ya iya cewa ruwa ya yi shafi guda da rabi ba?"

Yaya ta laluba bayanta ta sami benci. Ba ta san lokacin da ta zauna ba.

Ta san wasiƙar da ka, amma ta sake kallonta, wannan karon da idon Jan Biro, idon da ta hana ya kusanci takardar nan shekara biyu. Sakin layi biyar, tsayinsu kusan ɗaya. Na biyu ya jera abu uku da yake alfahari da su. Kowanne ya ƙare da nasiha. Ga kuskuren harafi ɗaya a layi na shida, wanda ta sha shafawa da yatsa tana cewa Auta kuka take yi lokacin da ta buga shi.

"Na'ura ce," ta faɗa, kamar wani ne ke magana da bakinta.

"Na gaya mata uba ne mai gyaran agogo, yana jinya, sun saɓa da babbar 'yarsa. Ta ba ni. Na wanke. Ita ce farkon wankina, Yaya. A kanki na koya."

"Layin agogon fa? Naki ne ko nata?"

"Ita ta kawo agogon. Ni na ƙara lattin, don na san ki. Ko kuma akasin haka ne, wallahi na kasa tunawa."

"Sa hannun nasa ne. Na san hannunsa."

"Nasa ne."

"Kin karanta masa kafin ya sa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Auta, kin karanta masa?"

"Na ce masa takardar asibiti ce."

Yaya ta rufe bakinta da tafin hannu. Ta so ta yi ihu, abin ya ƙi fitowa. Baƙin ciki da kunya suka haɗu suka rufe ta, ita da ta zo da hujjoji a jaka tana tuhumar ƙanwarta da ruɗin masu karatu, ashe ita ce mai karatun farko.

"Kin zo kin tarar an binne shi," in ji Auta, hawaye na zuba ba ta share ba. "Kwana uku ba ki ci ba, ba ki yi magana ba. Mama ta ce za mu rasa ki ke ma. Na ba ki takardar, a ranar kika yi kuka, kika ci abinci. Ki ce min na yi laifi. Ki faɗa."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a kan tebur, tana zagaye a kife. Ba wanda ya kalle ta.

"Bai bar min komai ba ke nan," in ji Yaya. "Ko kalma ɗaya."

Auta ta goge hanci da bayan hannu.

"Ya bari."

"Me?"

"Ranar da ya rage masa kwana biyu ya yi ta nuna wayata da ido. Na kunna ɗaukar murya na kara masa. Minti huɗu ya yi. Ke ya fara ambata, Babbar, yadda yake ce miki."

Yaya ta miƙe tsaye. "Wane layi ne a cikin wasiƙar?"

"Babu shi a ciki."

"Ban gane ba."

"Ban sa ba. Saboda abin da ya faɗa ne ma na yi wasiƙar."

"Me ya ce?"

"Yaya, ki bar shi. Ki riƙe takardarki. Shekara biyu tana yi miki amfani."

"Tana ina, muryar?"

"Don Allah..."

"Ba ni."

Auta ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta jona ta da caja. Sai da suka jira ta kawo haske, su biyu a tsaye, ba mai kallon wani. Ta nemo fayil ɗin, ta ajiye wayar a kan wasiƙar, ta ja da baya har jikin bango.

"In kika ji, ba ni da wankin da zan yi miki kuma."

Yaya ta danna.

Aka ji shessheƙar numfashi, da ƙarar gadon ƙarfe. Sannan muryar da ta yi shekara biyu ba ta ji ba, a karkace, tana jan kowane harafi da ƙyar.

"Ki gaya... wa Babbar... ni ban..."